Na'urar duba insha'i: abin da take gani da abin da ke wuce ta

*"Ina koyar da Ingilishi a sakandare, azuzuwa huɗu, duk mako insha'i ya fi ɗari da hamsin a kan teburina. Makarantarmu na shirin ɗaukar wata manhaja da aka ce tana ba da maki daidai da na malami. Me take iya dubawa da gaske, me kuma zai wuce ta? Zan iya sakar mata makin yarana?"*

Malama, sannu da fama. Na daɗe ina duba insha'i da jan biro kafin a fara sa ni cikin masu gwada irin waɗannan manhajoji, saboda haka na san ciwon wuyan da ke sa mutum ya yi marmarinsu. Abu ɗaya nake so ki riƙe tun daga farko, domin duk sauran bayanin daga gare shi ya fito: yawancin waɗannan na'urori ba karanta insha'i suke yi su yanke hukunci a kan ingancinsa ba. Hasashe suke yi na makin da malami zai bayar da a ce shi ya duba. Tsakanin waɗannan biyun akwai tazara, kuma a cikin tazarar nan ne wasu daga cikin yaranki za su faɗa.

Yadda take koyon ba da maki

Abin ba sabo ba ne. Wani Ba'amurke mai suna Ellis Page, wanda shi ma ya taɓa koyar da Ingilishi a sakandare, shi ya fito da tsarin farko a 1966, ya kira shi Project Essay Grade. A zamanin sai an buga kowane insha'i a kan katunan da ake huda wa ramuka kafin kwamfuta ta iya ganinsa. Page bai ɓoye dabararsa ba. Ya ce akwai abubuwan da malami ke nema a zahiri, kamar ƙwarewar harshe da tsarin tunani, waɗanda kwamfuta ba ta da hanyar taɓa su. Amma akwai alamomi na zahiri da ke yawan tafiya tare da su, waɗanda ake iya ƙirgawa: tsawon insha'in, matsakaicin tsawon kalmomi, yawan waƙafi, yawan kalmomin da ba a cika amfani da su ba. Sai ya ce a ƙirga alamomin, a bar ainihin abin.

Har yau, duk da ci gaban da aka samu, ginshiƙin bai canza sosai ba. Ana tara insha'i ɗaruruwa, wani lokaci dubbai, da ɗalibai suka rubuta a kan tambaya ɗaya. A ba ƙwararrun masu duba takarda, galibi biyu a kan kowane insha'i, su ba da maki. Sai a zuba wa na'ura insha'in da makinsu tare, ta nemo waɗanne siffofi ne ke bayyana a masu maki mai yawa, waɗanne kuma a masu kaɗan, ta ba kowace siffa nauyinta. Idan sabon insha'i ya zo, sai ta auna siffofinsa ta ce ya fi kama da masu maki huɗu, ta ba shi huɗu. Manhajar e-rater ta ETS, wata hukumar shirya jarrabawa a Amurka, wadda aka fara amfani da ita a 1999 a GMAT, jarrabawar neman shiga karatun digiri na biyu a fannin kasuwanci, a kan wannan hanya take, sai dai siffofin da take dubawa sun fi na Page zurfi nesa ba kusa ba. Wata kuma, Intelligent Essay Assessor, tana kwatanta kalmomin insha'in da na rubuce-rubucen da suka shafi batun, ta ga ko ɗalibi yana yawo a unguwar da ta dace. Sababbin da aka gina a kan ƙirƙirarriyar basira ba a lissafa musu siffofin da hannu, su suke tsamo su da kansu, amma har yanzu makin mutane ne abin koyinsu.

To kin ga, idan masu duba takardar da aka koya daga gare su suna gaggawa, suna ba kowane insha'i minti biyu ko uku kamar yadda ake yi a manyan jarrabawa, abin da na'ura za ta gada shi ne idon mai gaggawa.

Inda take da ƙarfi

Ba zan rage mata komai ba a nan. A kan kuren rubuta kalma, alamomin rubutu, babban baƙi da ƙarami, rashin jituwar aikatau da mai aikatawa, maimaita kalma ɗaya har ta gunduri mai karatu, da jimlar da ta yi tsawo har ta rasa kanta, na'ura tana aiki mai kyau. Ba ta kama duka, takan kuma ja layi a ƙarƙashin abin da ba kure ba ne, amma tana kama da yawa cikin daƙiƙa kaɗan. Tana iya auna yalwar kalmomin ɗalibi da yadda yake sarrafa ginin jimla, ko duk gajeru ne iri ɗaya ko yana cakuɗawa. Tana gane insha'in da ya bar batun kwata-kwata, da wanda aka kwafe tambayar aka mayar a matsayin amsa.

Babbar falalarta kuma ita ce ba ta gajiya. Ke da ni mun san insha'i na goma da na ɗari da arba'in ba ido ɗaya ke duba su ba. Mun san insha'i matsakaici yakan ci albarkacin zuwa bayan mummuna, yakan kuma sha wuya idan ya biyo bayan mai kyau. Mun san sunan yaro a saman takarda yana aiki a zuciya ko da mutum bai so ba. Na'urar da aka horar a kan tambaya ɗaya, idan kin ba ta insha'i yau kin sake ba ta gobe, maki ɗaya za ta ba ki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi ya sa hukumomin jarrabawa ke son ta a matsayin mai duba na biyu.

Insha'i biyu a kan tambaya ɗaya

Bari in ba ki abin da na gani da idona a wani gwaji da muka yi wa wata manhaja. Tambayar ita ce ko ya kamata a hana ɗalibai shiga aji da waya, maki kuma daga ɗaya zuwa shida.

Ɗalibi na farko ya cika shafi biyu, kalmomi sun haura ɗari huɗu. Sakin layi biyar cif: gabatarwa, hujjoji uku, kammalawa. Kowane sakin layi ya buɗe da irin kalmomin nan na haɗa zance, takwarorin "da farko" da "bugu da ƙari" da "a taƙaice" a Ingilishi. Kuren nahawu bai wuce uku ba. Ga manyan kalmomi an watsa su ko'ina. Amma da ka zauna ka karanta a natse, sai ka ga a sakin layi na biyu ya ce waya tana ɗauke hankalin ɗalibi daga darasi, a na huɗu kuma ya ce waya ba ta taɓa hana kowa sauraron malami ba, bai kuma lura ya tufka ya warware ba. Ya kawo wani adadi da ya ce masana sun gano, wanda daga ganinsa a aljihunsa ya ciro shi. Kammalawarsa gabatarwar ce aka sauya wa riga.

Ɗaliba ta biyu ba ta kai kalma ɗari biyu da hamsin ba. Sakin layi uku, kuren rubuta kalma kusan goma. Hujjarta ɗaya ce tak. Ta ce hanin zai fi cutar da ɗalibin da wayarsa ita ce ƙamusunsa, ita ce kuma laburarensa, alhali mai littattafai a gida ba abin da zai rasa. Sai ta kawo mafita: a tara wayoyin a akwati a gaban aji, malami ya ba da izinin ɗauka idan darasi ya buƙata. Ba ta tsaya nan ba, ta hango abin da mai adawa zai ce, cewa rabawa da tarawa za su ci lokacin darasi, ta amsa da cewa minti uku da aka sani sun fi minti arba'in na leƙen ƙarƙashin tebur.

Mu masu dubawa mun ba na farko uku, ta biyu huɗu, har ɗayanmu ya so ya ba ta biyar ba don kurakuran ba. Na'ura ta ba na farko biyar, ta ba ta biyu uku.

Ba lalacewa ta yi ba. Abin da aka gina ta ta yi shi ta yi. A cikin insha'in da ta koya daga gare su, dogaye masu sakin layi biyar da kalmomin haɗi su ne galibi suka ci maki mai yawa, saboda a mafi yawan lokuta ɗalibin da ya san abin faɗa yakan rubuta da yawa, ya kuma tsara. Alaƙar gaskiya ce a kan jimillar ɗalibai. Amma ke ba jimilla kike koyarwa ba, wannan yaron da waccan yarinyar kike koyarwa, kuma su biyun nan duk sun saɓa wa abin da aka saba gani.

Akwai wani abu da ya kamata ki sani game da kalmomin da ke jikin rahoton na'ura. Za ki ga ta ba da maki a kan "tsari" da "faɗaɗa hujja", ki ɗauka ta bi zaren tunanin yaron ne. A yadda masu e-rater suka bayyana tasu da kansu, tsari yana nufin ko an samu sassan da ake tsammani, wato jimlar da ke ɗauke da matsaya, manyan hujjoji, bayanan goyon baya da kammalawa. Faɗaɗawa kuma ana auna ta ne da matsakaicin tsawon waɗannan sassa. Ki duba da kyau: yawan sassa da tsawon kowane sashe, idan aka haɗa su, ai tsawon insha'i ne ya dawo ta bayan gida. Shi ya sa ko kamfani ya ce miki manhajarsa ba ta ƙirga kalmomi, yana iya zama gaskiya ya faɗa, amma tsawo na nan yana aiki a ƙarƙashin wani suna.

Les Perelman, wanda ya daɗe yana kula da koyar da rubutu a jami'ar MIT, ya shafe shekaru yana tona wannan. Ya nuna cewa za ka iya sanya Yaƙin 1812 a shekarar 1945 na'ura ba ta ce uffan ba. A 2014 shi da wasu ɗalibai suka ƙera wata manhaja mai suna BABEL Generator, wadda ake ba kalmomi uku ta fitar da insha'i cike da manyan kalmomi da jimloli masu kyan gini amma babu ma'ana ko ta anini, kuma irin wannan shirme ya ci maki mai yawa a wurin wasu na'urorin. Masu kare na'ura sukan ce ai ɗalibin da zai iya tsara irin wannan yaudara ya riga ya iya rubutu. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai yaro ba ya buƙatar ƙwarewar Perelman kafin ya gane cewa ƙara sakin layi ɗaya da manyan kalmomi biyar yana ɗaga maki. Mako biyu sun ishe shi, ya kuma gaya wa abokansa.

Abin da ke wuce ta

Daga waɗancan ɗalibai biyu za ki iya tsamo kusan duka. Na'ura ba ta da tabbatacciyar hanyar sanin ko abin da aka faɗa gaskiya ne. Ba ta iya rarrabe hujjar da ke riƙe da matsaya da wadda kawai aka jingina a gefenta. Tufka da warwara tsakanin sakin layi biyu masu nisa yakan wuce ta. Ba ta san darajar misali ɗaya da ya dace ba a kan misalai uku na cika shafi. Ba ta san taƙaitawa ƙwarewa ce ba, domin a wurinta wanda ya faɗi magana a jimla ɗaya mai kaifi ya yi kama da wanda ba shi da abin faɗa.

Wanda ya fi damuna shi ne yadda take yi wa ɗalibin da ya zo da sabon abu. Tunda kamanceceniya da insha'in baya ita ce ma'auninta, duk wanda ya bi hanyar da ba a saba bi ba yana cikin haɗari: wanda ya buɗe da labari maimakon matsaya, wanda ya yi gatse, wanda ya ƙalubalanci tambayar kanta, wanda ya ajiye matsayarsa sai a ƙarshe. Waɗannan su ne galibi yaran da malami ke jin daɗin samu a aji. A gwaje-gwajen da na shiga, na'ura ta fi dacewa da mu a tsakiyar ma'auni, wajen uku da huɗu, ta fi kuma kauce mana a can sama da can ƙasa. Dalilin a fili yake: insha'i masu maki shida da masu maki ɗaya kaɗan ne a cikin abin da ta koya, don haka takan janyo kowa zuwa tsakiya.

Akwai kuma batun adalci tsakanin rukunan ɗalibai. Binciken da masanan ETS suka wallafa da kansu a 2012 ya nuna cewa bambancin makin na'ura da na mutum ba ɗaya ba ne ga kowane rukuni: ɗalibai daga ƙasar Sin, alal misali, sukan samu maki mafi yawa a wurin na'ura fiye da wurin mutane. Darasin da ke ciki gare ki shi ne, manhajar da aka horar da rubutun wasu yara a wata ƙasa ba lallai ta yi wa naki adalci ba. Irin Ingilishin da ya zauna daram a wurinku tana iya ɗaukarsa kure, haddatattun jimloli kuma tana iya ɗaukarsu ƙwarewa.

"Tana dacewa da malami kashi tamanin da biyar cikin ɗari"

Kusan tabbas za a faɗa muku magana irin wannan a ranar tallar manhajar. Kafin ki gyaɗa kai, ki tambayi me ake nufi da dacewa. Sau da yawa ana nufin makin na'ura ya yi daidai da na malami ko ya kauce da maki ɗaya kawai. Bari mu yi lissafi a kan misali. A ce insha'i ɗari ne, malamai suka ba 2 maki ɗaya, 10 maki biyu, 38 maki uku, 36 maki huɗu, 12 maki biyar, 2 maki shida. Irin wannan rabo, inda jama'a suka taru a tsakiya, shi aka fi gani. Yanzu a kawo wata na'urar bogi da ba ta karanta ko harafi ɗaya, kowa ya zo ta ba shi huɗu. Za ta yi daidai da malami a kan 36. Za ta kauce da maki ɗaya kawai a kan masu uku su 38 da masu biyar su 12. Haɗa su: 86 cikin ɗari. Ga na'urar da ba ta buɗe ido ba ta ci kashi tamanin da shida.

Saboda haka masana ke amfani da wani ma'auni da za ki gani a rahoto da sunan quadratic weighted kappa. Yana cire dacewar da sa'a kaɗai za ta iya kawowa, yana kuma tsananta hukunci a kan babban kuskure: kaucewa da maki biyu tana da nauyin kaucewa da maki ɗaya sau huɗu. Idan ya nuna 1, dacewa ta cika. Waccan na'urar bogi sifili za ta samu. A aikace, da yawa sukan ɗauki 0.70 a matsayin mafi ƙarancin abin karɓa, tare da sharaɗin kada ya yi ƙasa sosai da dacewar da ke tsakanin malamai biyu a kan takardun nan dai.

Da wannan ma'auni aka yi gasar da Gidauniyar Hewlett ta ɗauki nauyi a 2012 a dandalin Kaggle, a kan rukunan insha'i takwas na ɗaliban Amurka. Sakamakonta shi ne tushen maganar da ake yawan yi cewa na'ura ta kamo mutum. A kan waɗancan takardu, da wancan ma'auni, na'urori sun yi rawar gani. Amma rubuce-rubuce ne na ɗakin jarrabawa, da yawansu gajeru, kuma Perelman ya soki yadda aka yi kwatancen. Ko a ce babu suka, abin da gasar ta nuna shi ne na'ura na iya hasashen makin jarrabawa. Ba ta nuna cewa tana iya gaya wa yaro inda hujjarsa ta karye ba. Ƙasashe ma ba su bi hanya ɗaya ba: Ostireliya ta yi shirin ba na'ura duba rubutun jarrabawarta ta NAPLAN, ta janye a farkon 2018 bayan adawar malamai, yayin da wasu jihohin Amurka ke amfani da ita tare da mutane masu sake duba wani kaso.

Gwajin da za ki iya yi da kanki

Kada ki yarda da rahoton kamfani, kada kuma ki yarda da nawa. Ki nemi a ba ki manhajar na mako ɗaya. Ki ɗauko insha'in yaranki kamar sittin a kan tambaya ɗaya, ki tabbatar akwai mafi kyau da mafi rauni a ciki, kada duk su zama na tsakiya. Ke da wani abokin aiki ku ba su maki kowa shi kaɗai, ba tare da ganin na juna ko na na'ura ba. Sai ki jera makin uku a gefen juna. Kada ki tsaya kan inda aka dace. Ki ware duk inda na'ura ta kauce muku da maki biyu ko fiye, ki karanta su ɗaya bayan ɗaya, ki tambayi kanki me ya haɗa su. Idan duk waɗanda ta ɗaga dogaye ne, waɗanda ta danne kuma gajeru, kin samu amsarki. Wani lokaci kuma za ki tarar ita ce da gaskiya, ku ne gajiya ta kama. Ya faru da ni fiye da sau ɗaya, kuma ba daɗi.

Daga nan sai ki ɗauki insha'i ɗaya mai kyau ki yi masa ɓarna da gangan, iri ɗaya a kowane karo, kina mayar mata kina kallon makin. Ki juya matsayar kammalawa ta saɓa wa gabatarwa. Ki canza wata gaskiya sananniya zuwa ƙarya muraran. Ki hautsina jerin sakin layi na tsakiya. A duk waɗannan ya kamata maki ya sauka. Sannan ki gwada ta ɗaya gefen: ki ƙara sakin layi mai kyan nahawu wanda bai ƙara komai ba, ko ki musanya kalmomi goma masu sauƙi da manya. A nan bai kamata maki ya hau ba. A manhajar nan da na ce mun gwada, juya kammalawa bai motsa makin ba ko kaɗan, amma sakin layin cika shafi ya ɗaga shi daga huɗu zuwa biyar.

Idan manhajar irin sababbin nan ce da ake ba ƙa'idar ba da maki a rubuce, su karanta su kuma yi sharhi, ki ƙara gwaji ɗaya: ki ba ta insha'i ɗaya sau biyar a lokuta dabam-dabam. Waɗannan sun fi tsofaffin lura da ma'ana, sukan kama saɓani da ƙaryar da ta fito fili, don haka wasu daga cikin gwaje-gwajen sama za su iya tsallakewa. Amma makinsu yakan yi rawa daga karo zuwa karo, wato sun rasa falalar da ta fi kowace a tsofaffin. Sharhinsu kuma yakan zo da harshe mai santsi da tabbaci ko da bai dace da takardar ba, har su yaba wa yaro a kan misalin da bai kawo ba. Ki karanta sharhi goma kina riƙe da insha'in a ɗaya hannun.

Iyakar wannan gwaji ita ce takarda sittin ba za su ba ki adadin da za ki kafa hujja da shi a gaban masana ba, kuma sakamakon tambaya ɗaya ba ya wakiltar wata. Manhajar da ta yi kyau a insha'in jayayya tana iya faɗuwa a na labari ko wasiƙa. Kamfanoni kuma sukan sabunta manhaja ba sanarwa, don haka abin da kika gwada a zangon farko sai ki sake taɓa shi a na uku.

To, a saka mata makin?

Ra'ayina a'a, idan makin zai shiga sakamakon zango ko ya yanke wa yaro wani hukunci. Ko ETS, a jarrabawarta ta GRE ta masu neman shiga karatun gaba da digiri na farko, ta daɗe tana haɗa makin na'ura da na mutum, idan suka saɓa a kira mutum na biyu. Idan masu manhajar da kansu suna ajiye mutum a kusa, ban ga dalilin da makaranta za ta cire shi ba.

Inda zan yi amfani da ita ba tare da ɗar-ɗar ba shi ne a daftarin farko. Yaro ya rubuta, na'ura ta nuna masa kuren kalma da nahawu, ya gyara, sannan takardar ta iso gare ki a wanke. Lokacin da kike kashewa kina zagaye kalmomi da jan biro sai ya koma kan tambayar da ke kaɗai za ki iya yi masa: wannan hujjar taka, me ya haɗa ta da matsayarka? Idan akwai hali, ki sa a ɓoye wa yara lambar makin na'ura, a bar musu gyaran kawai, domin da zarar sun ga lamba, ita za su bi, kuma kin riga kin san abin da ke ɗaga ta.

A kan tulin mako kuwa, ga yadda nake yi. Nakan duba duka da sauri in ba da makina kafin in kalli nata, saboda idan na fara ganin lambarta takan ja hannuna. Sai in koma a natse kan rukuni uku: waɗanda muka saɓa da maki biyu, waɗanda ta ba mafi ƙarancin maki, da gajerun da ba su kai rabin tsawon sauran ba. A cikin rukuni na ƙarshen nan na tsinci takardar yarinyar mai akwatin waya.